Idan Tsohuwar Kalma Ta Tare Maka Hanya

Jama'a, idan kuna karanta tsohuwar takardar ciniki ko labarin da, kuka ga an ce an sayi doki "zambar ɗari", kada ku ɗauka zamba ce ta yaudara. Ku duba abin da ke kewaye da kalmar tukuna. Ga saye, ga kuma "ɗari" na biye da ita, ashe a gurbin lissafi take zaune. Zambar a nan dubu ce, wato kuɗin wuri na zamanin da, guda dubu ɗari ke nan.

Sai dai jimla ɗaya ba ta isa hujja ba, ku nemi wani wurin da kalmar ta sake fitowa ku gwada ma'anar. Wanda ya fassara ta da ma'anar yau zai mai da halastaccen ciniki damfara, ya shafa wa mai dokin baƙin fenti a banza.