Kurakuran da ke hana sitikar hotonka shiga WhatsApp

Mutum zai zauna ya yanke hotunan biki ko na yaransa, ya jera su a manhajar haɗa sitika, ya danna "Add to WhatsApp", sai abin ya ƙi shiga. Nan take sai ya ɗora laifin a kan rashin sabis. Yawanci kuwa sabis ba ruwansa, WhatsApp na da ma'aunai da ba ya sassautawa, kuma sitika ɗaya tak da ta saɓa musu tana iya hana rukunin baki ɗaya shiga.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na girma. Dole kowace sitika ta kasance fiksil 512 a tsawo, 512 a faɗi, ba ƙari ba ragi. A ce hoton da ka ɗauka a tsaye 3000 ne a faɗi, 4000 a tsawo. In ka matse shi da ƙarfi ya zama murabba'i, fuskar za ta baje, mai hoton ma ba zai ji daɗin ganin kansa ba. Abin yi shi ne ka rage shi ba tare da ka taɓa siffarsa ba, ya dawo 360 a faɗi, 480 a tsawo, sannan ka ɗora shi a tsakiyar fili mai 512 da 512 wanda ba shi da launi. Da haka ka bar tazarar fiksil 16 sama da ƙasa, wadda ita ce WhatsApp ke ba da shawarar a bari don kada hula ko ɗankwali su guntule a baki.

Sai nauyi, kuma nan ne masu amfani da hotunan gaske suka fi shan wahala. Sitika marar motsi ba ta wuce KB 100, mai motsi kuma KB 500. Zane mai launi biyu ko uku bai cika kaiwa nan ba, amma hoton mace cikin leshi ko atamfa mai yawan ado, ga kuma jama'a da rumfa a bayanta, cike yake da ƙananan bayanai da ke ƙara wa fayil nauyi. Maganin farko shi ne cire bayan hoton gaba ɗaya, a bar mutumin kaɗai, daga ƙirji zuwa sama in zai yiwu. Wannan ma ya fi kyau a ido, domin sitika ƙarama take fitowa a hira, kuma fuska ake son gani. In har yanzu ya yi nauyi, sai a rage ingancinsa wajen mayar da shi WebP, wanda shi ne nau'in fayil ɗin da WhatsApp ke karɓa. Mai kwamfuta da ya sa manhajar cwebp zai iya yin haka, inda 70 ke nuna ingancin:

```
cwebp -q 70 hoto.png -o sitika.webp
```

In fayil ɗin ya fito sama da KB 100, a sauke 70 ɗin zuwa 60 a sake gwadawa.

Akwai wani kuskuren da ba ya hana shiga amma yana ɓata aiki: sitika ta fito da farin akwati ko baƙi a bayanta. Dalili shi ne an adana hoton a JPG bayan an cire bayansa, JPG kuwa ba ya iya riƙe fili marar launi, sai ya cike shi. A adana a PNG. Haka nan in za ka tura wa kanka hoton daga wata waya, tura shi a matsayin "Document", don in ka tura shi kamar hoton yau da kullum za a matse shi ya rasa wannan siffa. Ina kuma ba da shawarar a zagaye mutumin da siririn farin layi, saboda mai baƙar riga yakan ɓace a wayar da aka sa wa baƙin allo.

In duk wannan ya yi daidai amma rukunin ya ƙi, ƙirga sitikokin. Manhajojin haɗa sitika ba sa iya tura ƙasa da 3 ko sama da 30 a rukuni guda, kuma ba a gauraya masu motsi da marasa motsi a cikinsa. Duba kuma ɗan hoton da ke wakiltar rukunin, shi nasa ma'aunin 96 da 96 ne, nauyinsa bai wuce KB 50 ba. Masu amfani da WhatsApp ɗin da ba na asali ba su sani cewa manhajar na iya kasa ganinsa a wayar kwata-kwata.

Hanya mafi sauƙi ta gano mai laifi ita ce ka buɗe sabon rukuni da sitika 3 kawai. In ya shiga, ka riƙa ƙara sauran ɗaya bayan ɗaya har ka kai ga wadda ta tsayar da shi, ka gyara ita kaɗai. Kafin ka yaɗa kuma, nemi izinin wanda fuskarsa ke jiki, musamman mata da yaran mutane, domin duk wanda sitikar ta isa gare shi zai iya adana ta ya tura gaba, kai kuma ba ka da hanyar dawo da ita.