Yadda Ake Yanka Farashi Don Riba Ta Kai Kashi 30 Na Ciniki

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin 'yan kasuwa shi ne su ɗora kashi 30 cikin 100 a kan kuɗin saye, sannan su ɗauka kashi 30 na cinikin da ya shigo riba ce. Ba haka lissafin yake ba, kuma abin yana damuna, domin mutum yakan ci uwar kuɗinsa bai sani ba.

Da farko ka san nawa kayan suka tsaya maka, har da kuɗin mota da na dako. Wanda ya bar waɗannan a waje ya fara lissafi da kuskure. A ce kaya ɗaya ya tsaya maka a 1,000.

Ka ɗora kashi 30, wato 300, ka sayar a 1,300. A nan ake tuntuɓe, don haka ka natsu. Wannan 300 ɗin kashi 30 ne na 1,000 da ka biya. Amma kuɗin da ya shigo hannunka 1,300 ne, kuma idan ka raba 300 da 1,300 za ka samu 0.23. Ke nan a kowane 100 na ciniki, 23 ne naka, sauran 77 na sake saro kaya ne. Ribar ba ta canza ba, abin da ake auna ta da shi ne ya canza: ƙarin ana auna shi da kuɗin saye, rabon riba kuwa da kuɗin sayarwa, wanda ya fi girma.

Ga yadda ɓarnar take fitowa. Ka yi cinikin 130,000, ka cire kashi 30 a matsayin riba, wato 39,000. Ribar gaskiya 30,000 ce. Ka taɓa 9,000 daga jari, kuma za ka gane hakan ranar sari, lokacin da kuɗin suka kasa sayen adadin kayan da ka sayar.

In kana son kashi 30 na ciniki ya zama naka, to raba za ka yi. Cire 30 daga 100, saura 70, sai ka raba kuɗin saye da 0.70:

```
1000 ÷ 0.70 = 1428.57
```

Ka mai da shi 1,430. Ribar ta zama 430, ƙarin da ka ɗora kuwa kashi 43 ne. A wurina doka ce a yi wannan da kalkuleta, ta waya ma ta isa, kada a yi da ka.

Sai ka gwada: raba riba da farashin sayarwa, 430 da 1,430, ka ga 0.30.

Wajen ragi ma ka kula. Wanda ya ɗora kashi 30 sannan ya rage wa mai saye kashi 30 ya sayar a 910, ya faɗi da 90. Ragin da ya wuce kashi 23 a kan 1,300 ya shiga cikin uwar kuɗi.