Kurakuran mataimaki idan aka ɗora masa fayil mai harshen damo

Idan aka ɗora wa mataimaki fayil, mutum ne ko manhajar AI, aka ce ya yi aiki da shi, kuskuren da ya fi ɓarna ba daga rashin iya lissafi yake zuwa ba. Yana zuwa ne a lokacin da fayil ɗin ya karɓi fahimta biyu, mataimakin ya zaɓi ɗaya a ransa, ya ci gaba bai faɗa wa kowa ba. Kwanan wata ne ya fi nuna wannan a fili.

A ce an ɗora jerin kayan da aka fitar daga sito, an ce a haɗa jimillar katan na watan Maris:

```
03/04/2024,40
03/05/2024,25
07/03/2024,60
11/03/2024,15
```

A Amurka wata ake fara rubutawa, a Birtaniya da ƙasashe da dama kuma rana. Wanda ya karanta da tsarin Amurka zai ɗauki layi biyun farko, ya samu katan 65. Wanda ya bi na Birtaniya zai ɗauki biyun ƙarshe, ya samu 75. Babu layi ko ɗaya da suka yi tarayya a kai, amma amsoshin sun yi kusa da juna har mai fayil ba zai ji wani abu ya tsaya masa a rai ba. Nan haɗarin yake, domin kuskuren da bai yi kama da kuskure ba shi ne yake wucewa cikin rahoto. Kuma ba abu ne na jefi-jefi ba: ranaku 132 a kowace shekara suna komawa wata rana daban idan aka juya lambobin biyu.

Gyaran shi ne a faɗi zaton tun a jimlar farko, kafin a ba da amsa. Abu uku ya kamata bayanin ya ƙunsa: yadda aka ɗauki rubutun, dalilin ɗaukarsa haka, da abin da zai canja idan zaton bai yi daidai ba. A misalinmu, sai mataimaki ya ce ya ɗauka rana ce a gaba, don haka jimilla 75 ce, amma idan wata ne a gaba za ta koma 65. Mai fayil ya san inda takardarsa ta fito, kallo ɗaya ya ishe shi ya tabbatar ko ya gyara.

Wasu suna faɗin zaton, amma can ƙasan dogon bayani, inda mai karatu ya riga ya kwafi lambar ya wuce. Wasu kuma sai su ce "ana iya samun ɗan bambanci a kwanakin", maganar da ba ta nuna wa kowa inda zai duba ba. Duka biyun da shiru ɗaya suke.

Akwai kuma kuskuren yin zato, ko jefa tambaya, kafin a bincika fayil ɗin kansa. Sau da yawa amsar tana ciki. A bi layukan duka a nemi lambar da ta haura 12: idan aka ga `25/03/2024`, rana ce a gaba, tunda babu wata na 25. A duba adireshi ko harshen da ke kan takardar. Sai dai a kula idan fayil ɗin ya taɓa bi ta manhajar Excel mai saitin Amurka. Zai mayar da `03/04/2024` zuwa 4 ga Maris, ya bar `25/03/2024` a matsayin rubutu zalla. Alamar ita ce wasu kwanakin sun jingina dama a gurbinsu, wasu hagu. Irin wannan fayil ya gauraya, kuma wajibi ne a faɗi haka kafin a taɓa shi. Lambobi ma suna karɓar fahimta biyu, kamar `1.250`, wanda a Jamus dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, a Amurka kuma ɗaya da kwata.

A ganinmu, faɗin zato ma yana da iyaka. Ya wadatar idan aikin na karantawa ne, kamar jimilla ko taƙaitawa, inda za a iya sake lissafi cikin minti ɗaya. Idan kuwa aikin zai goge layuka, ya rubuta a kan fayil na asali, ko ya aika wa wasu saƙo, to a tsaya a jira amsar mai shi. In ba makawa sai an ci gaba, a yi aikin a kan kwafi, a ƙara sabon gurbi da kwanakin a tsarin ISO 8601 mai fara da shekara, sai wata, sai rana, wato `2024-03-07`, a bar na asali a gefensa domin a iya kwatantawa.