Darasi: Maikurowef na aiki amma abinci bai yi zafi ba

Wani lokaci za ku sa ragowar shinkafa a maikurowef, fitilar ciki ta kama, faranti yana juyawa, fanka tana kuka, amma da lokaci ya cika ku tarar da shinkafar da sanyinta. Dalili shi ne fitila da faranti da fanka suna aiki da wutar gida kai tsaye, wato bolt 220 zuwa 240. Zafi kuwa daga wani sashe dabam yake fitowa, kuma wannan sashen zai iya mutuwa sauran suna ta aiki.

Kafin ku kira kowa, ku gwada da ruwa. Ku cika kofin tangaran da ruwan sanyi, ku sa shi a tsakiya, ku zaɓi ƙarfi mafi girma, ku ba shi minti 2. Lafiyayyar na'ura mai wat 700 za ta sa ruwan ya yi zafin da ba za ku iya tsoma yatsa ba. In ya yi ɗumi-ɗumi kawai, ku fara zargin wutar. Na'urar da aka rubuta wa wat 700 tana jan fiye da wat 1,000 daga soket, don haka ƙaramin janareta ba ya iya ɗaukarta, haka ma wutar da ta zo ba ƙarfi. Ku kuma duba ko Timer ko Defrost aka danna: na farko lokaci kawai yake ƙirgawa, na biyu kuwa da ƙaramin ƙarfi yake aiki. Sannan ku goge maiƙon bakin ƙofa, ku rufe ta har ku ji ta yi ƙas. Kada ku taɓa gwada na'urar ba komai a ciki, don hakan yana ƙona abin da ke samar da zafin.

Idan wuta na da ƙarfi, ruwan kuma ya fito yadda aka sa shi, to aikinku ya ƙare a nan. Ku zare fulogi.

Ga abin da ke bayan murfin ƙarfen. Akwai taransifoma mai nauyi da ke ɗaga wutar gida zuwa kusan bolt 2,000. Daga nan kafasita da dayod su haɗu su ninka ta zuwa kusan bolt 4,000, su miƙa wa maginetiron. Shi maginetiron shi ne ke fitar da igiyoyin da ba a gani da ido, masu motsa ruwan cikin abinci har ya yi zafi. Ko wanne daga cikinsu ya lalace, zafi ya tafi. Gurnani mai ƙarfi da ba ku saba ji ba yakan nuna dayod ko maginetiron. Ƙaurin ƙonewa yakan nuna taransifoma. In kuwa ba wani sauti sabo, wataƙila fis ɗin wutar da taransifoma ta ɗaga ne ya tsinke, ko ɗaya daga makunnan ƙofa. Ku faɗa wa mai gyara abin da kuka ji, zai rage masa wahala.

Abin da na fi so ya zauna muku a rai shi ne kafasita. Wani ɗan gwangwani ne da bai fi tafin hannu ba, aikinsa ajiye wuta kamar yadda randa ke ajiye ruwa bayan an ɗauke famfo. Zare fulogi ba ya nufin ta zube. Akwai wani ɗan abu a cikinsa da ya kamata ya zubar da wutar a hankali, amma shi ma yana lalacewa, kuma ba a gane hakan da ido. Mutum zai buɗe murfi hankalinsa kwance tunda ya zare fulogi, hannunsa ya goga waya, wutar ta bi ta ƙirjinsa ta rikita bugun zuciya. In kuwa fulogi na jone, taransifoma kaɗai ta isa ta kashe mutum nan take.

Na san a gidaje da yawa akwai ɗa ko ƙane mai hannun gyara, wanda ya saba da fanka da dutsen guga. Ku hana shi wannan, ko da zai ji haushi. Tasta da mitar da yake da su yawanci ba su wuce bolt 600 ko 1,000 ba, ba a yi su don irin wannan wutar ba. Akwai kuma haɗari na biyu: in aka mayar da ƙofa a karkace, ko aka haɗe wayoyin makunninta don a huta, na'urar za ta iya aiki igiyoyi suna fita waje, su ƙona fata ko su cutar da ido.

Idan kun kai wa mai gyara, ku tambaye shi: "Malam, yaya kake zubar da wutar kafasita kafin ka sa hannu?" Wanda ya san aikin zai ba ku amsa ba tare da kame-kame ba. Ku kuma nemi jin kuɗin kafin ya fara. Fis da dayod ba su da tsada, amma in maginetiron ne ya mutu a tsohuwar na'ura, ku kwatanta kuɗin da na sayen wata. Wadda kuka haƙura da ita, ku yanke igiyarta, kada ku bar wa yara su kwance ta don neman tagullar sayar wa 'yan gwangwan.