Babi na Shida: Haɗa Sunayen Abokan Sana'a Biyu a Sunan Kasuwanci Ɗaya

Idan mutum biyu suka haɗa jari, hanya mafi sauƙi ita ce a jera sunayensu cikakku. Sai dai allon shago da ledar kaya ba su cika ɗaukar dogon suna ba, shi ya sa da yawa suke yanko gaɓa daga kowane suna su haɗa. A wajen yankan nan ne ake yawan tauye wani.

Mu ɗauki misalin Rabi da Hajara, masu sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Idan aka ce "Hajrabi", sunan Rabi ya fito ɗungurungum, na Hajara kuwa an gutsure shi, kuma ba da jimawa ba masu saye za su koma cewa "man Rabi". Adalci shi ne kowace ta ba da gaɓa ɗaya, wato "Ra" da "Haj", a sami "Rahaj". Saura batun wadda za ta zo a farko. Ana iya bin tsarin haruffa, ko a gabatar da babba, ko a yi ƙuri'a gaban shaidu. Ban ga dacewar a ce mai jari mafi tsoka ne zai shige gaba ba, domin jari yana ƙaruwa yana raguwa, suna kuwa yana nan daram.

Kafin a kai wa mai rubuta allo, a faɗi sunan da ƙarfi, a kuma bai wa wanda bai san zancen ba ya karanta. Bala da Iliya, idan suka ɗauki "Bala" da "I", abin da zai fito a bakin jama'a shi ne "bala'i". Sunaye irin su Abdullahi da Abdurrahman kuwa suna ɗauke da sunan Allah, don haka gara a bar su cikakku ko a yi amfani da sunan gida.

A Najeriya, hukumar CAC ce take rajistar sunayen kasuwanci bisa dokar kamfanoni ta 2020, kuma takan ƙi sunan da ya yi kama da wanda aka riga aka yi wa rajista. Saboda haka Rabi da Hajara su tanadi suna na biyu wanda shi ma aka raba daidai, kada su buga leda sai an amince.

Tun ranar farko su rubuta yarjejeniya gaban shaidu cewa jerin suna ba shi ne rabon riba ba, su kuma fayyace wadda za ta riƙe "Rahaj" idan an rabu ko ɗaya ta rasu, da abin da za a biya ɗayar ko magadanta.