Yadda Za Ka Fitar da Tambayoyin Difens Daga Furojet Ɗinka

Malaman da za su zauna gabanka ranar difens, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ko a foliteknik, ba daga sama suke ɗauko tambaya ba. Kundinka suke buɗewa, su tsaya inda ka yi zaɓi ko ka rubuta adadi. To ka riga su zuwa wurin.

Da farko ka ɗauki irin kwafin da ka miƙa, don shafukanka su yi daidai da nasu. Ka bi babi na uku da jan biro, duk inda ka rubuta "an zaɓi" ko "an yi amfani da", ka sa "me ya sa?" a gefe. Kowace alama tambaya ce.

Daga nan sai amsa. Jimla uku ta isa: abin da ka yi, dalilinka, da shafin da yake.

A ce ɗaliba ta yi bincike kan asarar albasa wajen ajiya a Goronyo, ta raba wa manoma 200 takardar tambayoyi. Ba makawa sai an ce mata, "Me ya sa 200?" Sai ta ce: "Malam, manoman da ke cikin rajista su 400 ne. Na bi ƙa'idar Taro Yamane da kuskuren kashi 5 cikin 100, ta ba ni 200. Lissafin yana shafi na 31." Ta tsaya nan. Amma ta tabbata ta iya lissafin da hannu, domin akwai malamin da zai miƙa mata biro. Ƙa'idar ita ce `n = N / (1 + Ne²)`: N shi ne yawan manoman, wato 400, e kuma kuskuren, wato 0.05, e² ya zama 0.0025; 400 sau 0.0025 ya ba da 1, a ƙara 1 ya zama 2, a raba 400 gida biyu.

Kowace amsa tana jawo wata tambayar, kuma a ganina ta biyun ce ke kayar da ɗalibai. Manoman da ba su yi boko ba, wa ya cike musu takardar? Da Hausa aka karanta musu? Wa ya fassara? Ta shirya gaskiyar abin da ya faru.

Sai babi na huɗu. Idan takardu 180 ne suka dawo, ta haɗa jimillar kowane jadawali. Wanda ya ba da 200, ko kasonsa ya yi nisa da 100, akwai kuskure. Ta kai wa malamin da ke duba aikinta tun kafin ranar.

Kai ma ka yi haka, sannan ka ɗauko manufofin babi na ɗaya, ka rubuta wa kowace sakamakonta a layi guda. Wadda ta rasa sakamako, can za a matsa maka.

Kada ka haddace amsoshin. Ka ba abokin karatu tambayoyin ya jefo maka su a hargitse, ka bayyana da Hausa tukuna, sannan da Turanci, da babbar murya. Amsar da ta haura rabin minti, ka rage ta.