Kurakurai biyu wajen raba reshe da tara bishiyoyi

Cikin ayyukan ɗalibai da nake dubawa a nan Katsina, kuskuren da ya fi yawa yana wurin raba reshen farko na bishiyar yanke shawara, wato tsarin kwamfuta da ke rarraba bayanai ta hanyar jerin tambayoyi don yin hasashe. Mu ɗauka kana da gonakin gero 100 a ƙasar Daura, 50 sun yi albarka, 50 ba su yi ba. Bishiyar yanke shawara tana auna cakuɗuwar da ma'aunin Gini, `1 - Σp²`, inda `p` shi ne kason kowane rukuni. A nan ya ba da 0.5. Sai ta gwada tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki wadda ta fi rage cakuɗuwar nan take, ba tare da hangen gaba ba.

Tambayar "an sa taki?" ta raba gonakin hamsin-hamsin: 40 da 10 a wani ɓangare, 10 da 40 a ɗayan. Kowanne 0.32. Wata tambayar kuma ta ware gonaki 4 kacal, duk masu albarka, Gini 0, ta bar 96 a cakuɗe, wajen 0.499. Wata ɗaliba ta haɗa biyun ta raba biyu, ta samu 0.25, ta ce mini, "Malam, ai wannan ta fi." Ba ta fi ba. Dole a auna kowane ɓangare da yawan gonakinsa, kuma idan aka yi haka amsar ta koma 0.479. Tambayar taki ce ta ci, da tazara.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Bishiyar da aka bari ta yi zurfi tangal-tangal take yi: sauya gonaki kaɗan, tambayar farko na iya canzawa, duk rassan ƙasa su bi ta. Maganin da Leo Breiman ya fitar a 2001 shi ne daji guda, inda kowace bishiya ke koyo daga samfurin da aka ɗiba da maimaici, sannan a haɗa amsoshinsu. Sai mutane suka ɗauka yawan bishiyoyi ne sirrin, suna ta ƙara `n_estimators`, saitin yawan bishiyoyi a manhajar scikit-learn. Ga lissafin tangal-tangal ɗin dajin:

```
ρσ² + (1 - ρ)σ²/B
```

`B` yawan bishiyoyi ne, `σ²` tangal-tangal ɗin bishiya guda, `ρ` kuwa yadda amsoshinsu suka yi kama. Idan `σ²` 1 ne, `ρ` kuma 0.5, bishiyoyi 100 sun ba da 0.505, dubu sun ba da 0.5005. Wahalar banza ke nan. Amma rage `ρ` zuwa 0.2, ɗari ɗin nan su ba da 0.208.

Abin da ke rage kamannin shi ne `max_features`. A kowane reshe, 'yan tambayoyi kawai ake ba bishiya ta zaɓa a ciki, don kada taki ya mamaye saman kowace. Idan ka matse shi da yawa kuma, bishiyoyin su raunana. Kunna `oob_score=True`: kowace bishiya ta bar kusan kashi 37 cikin ɗari na gonakin ba ta gani ba, da su za ka gwada ƙimomin `max_features` biyu ko uku ka ga inda makin daidaito ya fara sauka.